Kaya Sun Lalace a Hanya: Tambayoyi da Amsoshi kan Wasiƙar Neman Diyya daga Kamfanin Inshora

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi kayan da aka yi wa inshora, aka ɗauko su a kwantena ta jirgin ruwa, suka iso a jiƙe. Mun zaɓi ɓarnar ruwa ne domin a kanta aka fi ja-in-ja tsakanin masu kaya da kamfanonin inshora. Inda dokar jirgin sama ko ta mota ta sha bamban, mun ambata.

Na buɗe kwantena na tarar da katan-katan a jiƙe. In zauna in rubuta wasiƙar neman diyya nan take?

A'a, wasiƙar tana zuwa ne daga baya. Abin da za ka fara yi shi ne ka tsayar da sauke kaya, ka ɗauki hoton kwantenar yadda take, sannan ka rubuta abin da ka gani a kan takardar karɓar kaya kafin ka sa wa direba hannu. Rubutun ya fito fili: “an karɓa, katan-katan na kusa da ƙofa a jiƙe suke, akwai ruwa a daɓen kwantena, ba a gama ƙidaya ba.” Kalmar “akwai matsala” kaɗai ba ta da amfani ga kowa.

A ranar kuma saƙo biyu za su fita a rubuce. Ɗaya ga kamfanin inshora ko wakilinsa da aka ambata a satifiket ɗin inshora, kana sanar da su ɓarnar kana neman a turo safiyo, wato ƙwararren da ke duba kaya ya auna ɓarna. Ɗayan ga kamfanin jirgi, da kamfanin motar da ta kawo kwantenar idan daban ne, kana ɗora musu alhaki kana gayyatarsu su halarci dubawar. Layi huɗu ko biyar sun isa kowane saƙo. Ba a buƙatar adadin kuɗi a wannan lokaci, domin kai ma ba ka san shi ba tukuna.

Cikakkiyar wasiƙar neman diyya ana rubuta ta ne idan rahoton safiyo ya fito, aka san yawan abin da ya lalace.

Me ya haɗa ni da kamfanin jirgi, alhali inshora ce za ta biya ni?

Idan inshora ta biya ka, ita ce za ta gaji haƙƙinka na bin kamfanin jirgi, ta nemi a mayar mata da wani abu daga cikin abin da ta kashe. Saboda haka sharuɗɗan inshorar kaya da aka fi aiki da su a duniya, waɗanda ake kira Institute Cargo Clauses, sun ɗora wa mai kaya nauyi biyu a sashe na 16: ya yi abin da hankali zai kama don rage ɓarnar, kuma ya kiyaye haƙƙinsa a kan masu ɗaukar kaya. Wanda ya yi sakaci har haƙƙin ya kuɓuce, inshora na iya zare abin da ta yi asara daga kuɗinsa.

Wa'adin gajere ne, kuma ya danganta da dokar da ke kan takardar lodi, wato takardar da mai ɗaukar kaya ke bayarwa idan an loda kaya. A dokokin Hague na 1924 da na Hague-Visby, ɓarnar da ake gani da ido ana faɗinta ne lokacin karɓar kaya, wadda take ɓoye kuma cikin kwana 3. Dokokin Hamburg na 1978 sun ba da kwana 15 ga ɓoyayyar ɓarna. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba kayan jirgin sama kwana 14 daga ranar karɓa, ita kuwa yarjejeniyar CMR ta motocin da ke ƙetare iyaka ta ba da kwana 7, ban da Lahadi da ranakun hutu. In ba ka tabbatar da wadda ta shafe ka ba, ɗauka kwana 3 ne, ka aika a ranar farko.

A jirgin ruwa, wuce kwana ukun ba ya kashe haƙƙinka gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne a ɗauka kaya sun iso lafiya, sai kai ka kawo hujjar akasin haka. Wanda ke kashe haƙƙi shi ne wa'adin shigar da ƙara: shekara 1 a Hague da Hague-Visby, shekara 2 a Hamburg. A jirgin sama kuwa wuce kwana 14 ɗin kansa yana rufe ƙofar ƙara, sai in an samu ha'inci daga mai ɗaukar kaya.

Wa ke kiran safiyo, kuma wa ke biyansa?

Duba satifiket ɗin inshorarka. Galibi akwai wurin da aka rubuta sunan wakilin da za a kira idan an yi ɓarna, sau da yawa wakilin Lloyd's, wato kasuwar inshora ta Landan, a tashar da aka sauke kaya. Shi za ka kira. Kada ka ɗauko wani da kanka sai inshora ta amince a rubuce, in ba haka ba tana iya cewa ba ta san rahotonsa ba. A bisa al'adar sana'ar, mai kaya ne ke fara biyan kuɗin dubawa, sannan ya sa shi cikin lissafin diyya, a mayar masa idan an karɓi buƙatarsa. Wasu kamfanonin su suke biya kai tsaye, wasu kuma ba sa neman safiyo in ɓarnar ƙarama ce, hotuna sun ishe su. Tambaye su tun a saƙon farko.

Rahoto ya fito. Me zan duba a ciki kafin in haɗa shi da wasiƙa?

Yawancin masu kaya shafin ƙarshe suke buɗewa su ga adadin kuɗi. Ma'aikacin inshora kuwa wurin da aka faɗi dalilin ɓarna yake fara karantawa, domin a nan ne maganar biya ko ƙin biya take.

Ruwa yana barin shaida a kwantena, kuma shaidar ta bambanta da yadda ya shiga. Idan rufi ne ya huje, jiƙewar takan taru wuri ɗaya, daga sama zuwa ƙasa daidai ƙarƙashin hujin, wani lokaci da zanen tsatsa a bango. Safiyo kan shiga kwantenar bayan an kwashe kaya, a rufe ƙofa, ya duba inda haske ke kutsowa. Idan robar bakin ƙofa ce ta yage, katan-katan na baya kusa da ƙofa ne ke shan ruwa. Idan kwantenar ta zauna cikin ruwa a fili ko a cikin jirgi, za a ga layin ruwa a tsayi ɗaya a jikin katan na ƙasa, na sama kuwa a bushe. Akwai kuma gumin kwantena: danshin da ke cikin katan, ko katakon ɗora kaya, ko kayan da kansu, yana tashi da rana, ya taru a rufi idan ƙarfe ya yi sanyi da dare, ya riƙa ɗigowa. Alamarsa ita ce saman katan na sama sun jiƙe ko'ina daga gaba har baya, kwantena kuwa lafiyarta lau.

Don bambance ruwan teku da ruwan daɗi, safiyo yana ɗiga sinadarin silba naitiret a kan ruwan da aka samo daga abin da ya jiƙe. In akwai gishiri, sai ya yi fari kamar madara. Gwajin yana nuna gishiri ne kawai, bai ce lallai daga teku ya fito ba, don haka idan kuɗin na da yawa akan tura samfuri ɗakin gwaji.

To ka duba ko rahoton ya faɗi wanne ne daga cikin waɗannan, kuma ko ya kawo hujjarsa. Bayan haka sai ƙananan abubuwan da ke tsayar da fayil makonni: lambar kwantena, wadda haruffa huɗu ce da lambobi bakwai, lambar hatimin da aka kulle ta da shi, lambar takardar lodi, ranar saukewa daga jirgi, ranar isowa sito, ranar dubawa, da yawan katan. Kowannensu ya dace da abin da ke sauran takardunka. In ka ga kuskure, ka nemi safiyon ya gyara ya sake sa hannu. Kada ka gyara da alƙalaminka.

Me ya sa dalilin ɓarna ke da wannan nauyi? Ba inshora na yi wa kayan ba?

Inshorar kaya hawa uku ce: sharuɗɗan A, da B, da C, kuma harafin yana rubuce a satifiket ɗinka. Na C su ne mafi ƙunci. Suna biyan ɓarnar manyan haɗura ne da aka lissafa, kamar gobara, fashewa, nutsewar jirgi ko kafewarsa, karo, kifewar mota, da jefar da kaya a teku don ceton jirgi. Ruwan da ya shiga ta hujin rufi ba ya cikinsu. Na B sun ƙara wasu, ciki har da shigar ruwan teku, na tafki ko na kogi cikin jirgi, ko kwantena, ko wurin ajiya. Lura da cewa ba a ambaci ruwan sama ba. Na A kuwa suna ɗaukar kowace irin ɓarna ta haɗari, sai abin da aka keɓe.

Wannan ya canza abin da wasiƙarka za ta tabbatar. Mai sharuɗɗan A ya isa ya nuna cewa kaya sun tashi lafiya, sun iso a lalace, kuma abin ya faru ne ta haɗari a lokacin da inshora ke aiki. Inshora ce za ta kawo hujja in tana ganin ɓarnar na cikin abin da aka keɓe. Mai B ko C shi ne zai nuna cewa ɗaya daga cikin haɗuran da aka lissafa ne ya jawo. Shi ya sa sakamakon gwajin gishiri ke iya raba gardama ga mai B, alhali ga mai A ruwan teku da na sama duk ɗaya ne.

Abubuwan da aka keɓe ko da a A sun haɗa da lalacewar da ta taso daga halin kayan kansu, raguwar nauyi ta yau da kullum, jinkiri, da ƙunshi mara kyau. A bugun 2009 na sharuɗɗan, keɓewar ƙunshi tana aiki ne idan mai kayan da aka yi wa inshora ko ma'aikatansa ne suka ƙunshe kayan, ko kuma an ƙunshe su kafin inshorar ta fara, kuma jera kaya a kwantena ma ƙunshi ne. Gumin kwantena a nan yake faɗowa tsakiya: mai kaya ya ce haɗari ne, inshora ta ce danshin daga kayan ko katan ɗin ya fito. In rahotonka ya ce gumi ne, shirya kawo shaidar yadda aka ƙunshe kayan da irin abin tsotse danshi da aka rataya a ciki.

Wane irin hotuna ake so, kuma guda nawa?

Hoto ashirin da aka jera da kyau ya fi ɗari biyu da aka zuba a imel ba bayani. A jera su yadda abin ya gudana. Na farko kwantena a rufe, lambarta na fitowa. Na biyu hatimi kafin a yanke shi, ana iya karanta lambarsa. Sai ƙofa da aka buɗe, kaya na nan yadda aka jera su, ba a taɓa komai ba. Wannan hoton shi ne mafi daraja, kuma shi aka fi rasawa, domin 'yan dako sun riga sun fara sauke kaya kafin wani ya tuna da waya. Daga nan sai hujin ko yagaggiyar robar, ɗaya daga nesa don a san ina take a jikin kwantena, ɗaya daga kusa da ma'auni ko biro a gefe don a ga girmanta. Sai daɓe, sai katan da suka jiƙe da alamar jikinsu na nunawa, sai abin da ke ciki bayan an buɗe. A ƙarshe a ɗauki kayan da ba su lalace ba, domin a kwatanta.

Kowane hoto a ba shi lamba da layi ɗaya na bayani: abin da ke ciki, rana, da wuri. Riƙe asalin hotunan a wayar ko kyamarar da ta ɗauka, domin suna ɗauke da rana da lokaci a cikinsu, kuma manhajojin hira sukan goge wannan bayani su rage ingancin hoto. Kada a yanke hoto ko a ƙara masa haske. Hotunan safiyo suna cikin rahotonsa, naka kuma su ne ke cike giɓin da ke tsakanin buɗe ƙofa da zuwansa.

Yaya ake lissafin kuɗin da za a nema?

Bari mu ɗauki misali. Katan 500 na yadi, takardar farashi ta nuna dala 40,000 har da kuɗin jirgi. An yi musu inshora a kan kashi 110 cikin 100, kamar yadda aka saba, wato dala 44,000. Da yake katan ɗin duk iri ɗaya ne, kowane katan inshorarsa dala 88 ke nan. Rufin kwantena ya huje, katan 60 sun jiƙe. Safiyo ya ce 20 sun ruɓe ba su da sauran amfani, 40 kuma sun yi tabo amma za su sayu da rangwame.

Na 20 ɗin ba wuya: 20 sau 88, dala 1,760.

Na 40 ɗin ne ake yawan kuskurewa. Ƙa'idar da dokar inshorar teku ta Birtaniya ta 1906 ta kafa a sashe na 71, wadda yawancin takardun inshorar kaya ke bi, ita ce a kwatanta darajar kayan in da sun iso lafiya da darajarsu a lalace, duka biyun a wurin da aka sauke su, a fitar da kason raguwa, sannan a ɗora kason a kan kuɗin inshora. A ce katan lafiyayye yana yin dala 120 a kasuwar inda aka sauke, mai tabo kuma an saye shi 78. Raguwar 42 ce cikin 120, wato kashi 35 cikin 100. Sai a ɗauki kashi 35 na dala 88, ya ba da dala 30.80 a kowane katan, katan 40 kuma dala 1,232.

Mai kaya yakan so ya nemi 42 a kowane katan, tunda ita ce asarar da ya gani a kasuwa. Wani ma'aikacin kuma yakan cire 78 daga 88 ya ce 10 ce. Duka biyun sun haɗa ma'auni biyu da ba su jitu ba. Manufar kason ita ce kada hawa da saukar kasuwa su shiga lissafi: inshora ɓarnar ruwa take biya, ba ta lamunce wa kowa farashi ba.

Jimillar ɓarna ta zama dala 2,992. A ce takardar inshora ta ce mai kaya zai ɗauki dala 250 na farko na kowace ɓarna da kansa, saura 2,742. A ƙara kuɗin safiyo, misali 400, da abin da aka kashe wajen ware jiƙaƙƙu da shanya su don kada ɓarnar ta yaɗu, misali 150, da rasit ɗinsu. Abin nema dala 3,292. Ribar da ka so ci, da tarar da mai saye ya ɗora maka saboda jinkiri, ba sa shiga. Kuɗin kwastan ma ba ya shiga sai in an sa shi cikin inshorar tun farko. Idan kayan iri-iri ne, ba a raba kuɗin inshora daidai a kan katan, ana raba shi ne bisa darajar kowane iri a takardar farashi.

To yaya wasiƙar kanta za ta kasance?

Shafi ɗaya, in ta yi tsawo ɗaya da rabi. Kowace magana a cikinta ta nuna takardar da ke tabbatar da ita, abin da ba shi da takarda kuma a bar shi. Ga yadda za ta fito a kan misalin da ke sama, an bar gurabun sunaye da lambobi:

“Zuwa ga Shugaban Sashen Biyan Diyya,

Neman diyyar kayan da suka lalace a hanya. Satifiket mai lamba …, takardar lodi mai lamba …, kwantena mai lamba …, jirgi …, daga tashar … zuwa tashar …

Bayan gaisuwa. Muna biyo bayan sanarwar da muka aiko muku ranar 9 ga wata, wadda kuka ba lamba …

An yi wa katan 500 na yadi inshora a kan dala 44,000 bisa sharuɗɗan A. An loda su lafiya, kamar yadda takardar lodi ta nuna ba tare da wani ƙorafi a kanta ba. An sauke kwantenar daga jirgi ranar 3 ga wata, ta iso sitonmu ranar 9 da hatiminta a kulle. Da aka buɗe aka tarar da katan a jiƙe, muka rubuta haka a takardar karɓar kaya, muka kuma sanar da kamfanin jirgi da na mota a ranar.

Safiyon da kuka amince da shi ya duba kayan ranar 11 ga wata. A shafi na 3 na rahotonsa ya gano cewa ruwa ya shiga ne ta wani huji a rufin kwantena, wanda ake gani a hoto na 6 da na 7. Ya tabbatar da katan 20 sun lalace gaba ɗaya, katan 40 kuma darajarsu ta ragu da kashi 35 cikin 100.

Bisa lissafin da ke haɗe, muna neman dala 3,292. Katan 20 ɗin suna nan a ware a sitonmu, muna jiran umarninku a kansu. Ba mu karɓi komai daga masu ɗaukar kaya ba, ba mu kuma yafe musu komai ba.

Muna roƙon ku tabbatar mana da samun wannan wasiƙa, ku kuma sanar da mu in akwai wata takarda da ta rage. Ku huta lafiya.”

Ƙarƙashin sa hannu sai jerin abubuwan da aka haɗo, kowanne da lambarsa.

Abin da ba ya cikin wasiƙar ma abin lura ne. Ba zargi, ba labarin wahalar da aka sha, ba kuma hasashe. Mai kaya ya rubuta “wataƙila masu loda kaya ba su jera su daidai ba” don nuna gaskiyarsa, sai ya zama ya miƙa wa inshora keɓewar ƙunshi da hannunsa. Idan rahoto bai faɗi dalili ba, kai ma kada ka ƙirƙiro. Faɗi abin da aka gani.

Waɗanne takardu ne za su bi ta, ban da rahoto da hotuna?

Satifiket ɗin inshora, takardar farashin kaya, takardar jerin kaya, takardar lodi gaba da baya domin sharuɗɗan jirgi a bayanta suke, takardar karɓar kaya mai ɗauke da ƙorafinka, wasiƙun da ka aika wa masu ɗaukar kaya da amsarsu in sun amsa, lissafin diyya, da rasit na duk abin da ka kashe. Akwai ɗaya da ake mantawa: takardar da ake cikawa a ƙofar tasha lokacin da kwantena ke fita, wadda ke nuna halin da jikinta ke ciki. In ta ce rufi a huje yake tun a nan, alhakin ya koma kan jirgi ko tasha. In ta ce lafiya, ido zai koma kan mota. Nemi kwafinta daga ejan ɗin da ya fitar maka da kaya. Wasu kamfanonin suna neman asalin satifiket, don haka riƙe kwafin komai kafin ka aika.

Mai sayar mini da kaya ne ya yi inshorar. Ni zan rubuta ko shi?

In kun yi ciniki bisa CIF ko CIP, wato cinikin da farashinsa ya haɗa da kuɗin ɗauko kaya da inshora, shi ne ya sayi inshorar amma dominka, kuma haɗarin hanya ya dawo kanka tun daga ƙasar da aka yi lodi. Kai za ka rubuta. Tabbatar ya sa hannu a bayan satifiket ya miƙa maka haƙƙinsa, ko kuma an rubuta shi da sunanka. Duba harafin ma: a ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms na 2020, CIF sharuɗɗan C kawai ya wajabta wa mai sayarwa, CIP ne ya wajabta A. Masu saye da yawa sai ranar da ruwa ya shiga suke gano cewa C ce a hannunsu. In haka ta faru, hanyar da ta rage ita ce bin kamfanin jirgi, wanda shi kuma doka ta sa wa biyansa iyaka gwargwadon yawan ƙunshi ko nauyi.

Zan iya zubar da abin da ya ruɓe, ko in sayar da mai tabo kafin a biya?

Kafin safiyo ya zo, a'a. Ware su, ɗaga su daga ƙasa, buɗe jiƙaƙƙun katan su sha iska, amma katan ɗin da ledar da hatimin da aka yanke duk a ajiye. In kamfanin jirgi na matsa maka ka mayar da kwantena saboda kuɗin jinkiri, nemi safiyo ya fara duba ta, domin da ta koma an yi mata walda shaidar ta tafi. Bayan dubawa, sayarwa ko zubarwa sai da amincewar safiyo ko inshora a rubuce. Kayan da ke ƙara lalacewa kullum kuwa kada a zauna jira: a nemi izinin gaggawa, a karɓi tayi daga masu saye biyu ko uku a rubuce, a ajiye rasit.

Ban yarda da kason da safiyo ya yanke ba. In ƙi aika rahoton?

Aika shi, ka faɗi inda kuka saɓa a cikin wasiƙa, da hujja. Hujja a nan ita ce tayin masu saye, ko sakamakon gwaji, ko rahoton wani safiyo da ka ɗauka da kuɗinka. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gardama shi ne ranar dubawa, kaya na gabanku, kafin ka sa hannu a takardar abin da aka amince a kai.

Kwantenar ta kwana biyu a harabar sito kafin mu buɗe. Wannan zai hana a biya?

Ya danganta da dalilin zamanta. A bugun 2009, inshorar hanya tana ƙarewa ne da wanda ya fara faruwa cikin waɗannan: an gama sauke kaya a siton ƙarshe, ko an gama sauke su a wani sito da mai kaya ya zaɓa don ajiya ko rarrabawa, ko mai kaya ya mayar da kwantenar ko motar ta zama wurin ajiya, ko kwana 60 sun cika bayan saukewa daga jirgi a tashar ƙarshe. Kwantenar da ta iso da yamma aka buɗe washegari ba abin damuwa ba ce. Wadda aka bari mako uku a rufe saboda sito ya cika, inshora za ta ce an mayar da ita wurin ajiya, ta kuma tambaya ko ruwan bai shiga a harabarka ba ne. A irin wannan hali shekarun ɓarnar ne ke taimako: tsohuwar tsatsa a bakin huji, fumfunar da ta riga ta kama yadi, ko gishiri a cikin ruwan, duk suna nuna cewa abin ya girmi isowar kwantena. Roƙi safiyo ya rubuta abin da ya gani game da haka.

Kamfanin jirgi ya yi mini tayin wani ɗan kuɗi a rufe magana. In karɓa?

Kada ka karɓa sai inshora ta sani ta amince. Takardar da za su ba ka ka sa wa hannu galibi tana cewa ka yafe duk sauran haƙƙi, kuma haƙƙin nan shi ne wanda inshora ke jiran ta gada. Tura musu tayin su yanke shawara. Idan sun biya ka, za su kawo takardar da ke miƙa musu haƙƙin bin kamfanin jirgi ka sa hannu, kuma suna iya neman ka ba da shaida ko ƙarin takardu daga baya. In shekara ta kusa cika daga ranar da aka miƙa kaya alhali fayil bai rufu ba, rubuta wa kamfanin jirgi ka nemi ƙarin wa'adi a rubuce, ka aika wa inshora kwafin amsar.